Can, Could, May da Might: Yadda Ake Roƙon Na Gaba da Turanci

Ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe ya tsaya a ƙofar ofishin malaminsa, riƙe da takarda. Ya ƙwanƙwasa, ya jira aka ba shi izini, ya shiga ya rusuna ya yi gaisuwa. Duk wanda ya gan shi ya san yaron ya samu tarbiyya. Da ya zo faɗin abin da ya kawo shi, sai ya juya harshe zuwa Turanci, domin malamin ba Bahaushe ba ne, ya ce: “Sir, I want you to sign my form.” Malam ya ɗago kai ya dube shi, fuska ta canza. Ya dai sa hannun, amma ya miƙo takardar ba tare da ya ce uffan ba. Yaro ya fita yana ta saƙe-saƙe, yana neman laifin da ya yi.

Abin da ke zuciyar ɗalibin nan shi ne, “Malam, don Allah so nake a sa mini hannu.” Abin da ya shiga kunnen malamin kuwa shi ne, “Ina so ka sa hannu a takardata,” kamar yadda uban gida zai ce da yaronsa. A nahawu jimlar ba ta da aibi ko ɗaya. Ladabin ne ya zube a hanya, tsakanin harshen da aka yi tunani da shi da wanda aka yi magana da shi.

Irin wannan yana faruwa kullum a jami'o'i da ma'aikatu da bankuna da asibitoci, har a ɗauki mutumin kirki a matsayin mai tsaurin ido. Maganin abin kuwa bai wuce wasu ƙananan kalmomi huɗu ba, wato *can* da *could* da *may* da *might*. Kusan kowa ya haddace su tun a firamare, amma ba kowa aka nuna wa yadda ake zaɓar wadda ta dace da wuri da mutum ba.

Inda kowane harshe yake ajiye ladabinsa

Bahaushe yana da hanyoyi da yawa na girmama na gaba. Yana somawa da doguwar gaisuwa. Yana kiran mutum da laƙabinsa: malam, yallaɓai, ranka ya daɗe, hajiya. Yana guje wa cewa “ka” ko “ki”, ya koma “ku”, ko kuma ya ɓoye mai aikin gaba ɗaya, ya ce “a duba mini”, “a taimaka”, “a yi haƙuri”. Ga “don Allah”, ga kuma ƙaramar kalmar nan “ɗan” da ke rage wa buƙata nauyi: “a ɗan duba mini”. Bayan wannan ga sassauta murya da sunkuyar da kai.

Yawancin waɗannan ba su da makwafi a Turancin yau. Kalmar *you* ita ce ta ɗa, ita ce ta uba, ita ce ta sarki. Gaisuwa gajera ce. Saboda haka Bature ya ɗora nauyin ladabinsa a kan ginin jimla. Maimakon ya ba da umarni, sai ya yi tambaya. Maimakon ya ce “sa hannu”, sai ya tambaya ko za a iya sa hannu. Ya san sarai za a iya, amma tambayar tana bar wa wanda ake roƙo ƙofar cewa a'a, kuma barin wannan ƙofar a buɗe shi ne girmamawar. Mu ma muna da irin wannan a Hausa idan muka ce, “Ko za a iya duba mini wannan?” Bambancin shi ne, a wurinmu hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da dama, a Turanci kuwa ita ce babbar hanya.

Wasu masana harshe biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, sun fitar da littafi a kan ladabin magana a shekarar 1987, bayan sun kwatanta Turanci da harshen Tamil na kudancin Indiya da Tzeltal na ƙasar Meziko. Sun nuna cewa abubuwa uku ne ke sa mai roƙo ya ƙara ladabi ko ya rage: girman muƙamin wanda yake roƙo, da nisan da ke tsakaninsu, da nauyin abin da yake nema. Duk Bahaushe ya san wannan tun yana yaro, domin yadda ake neman aron allura wurin maƙwabciya ba haka ake neman aron gona wurin mai gari ba. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake auna waɗannan abubuwa da ma'aunin Turanci. Tambayoyi biyu sun isa.

Tambaya ta farko: wa zai yi aikin?

Duk roƙon da za ka kai wa shugabanka ko malaminka, ɗayan biyu ne. Ko dai kai ne kake son yin wani abu kana neman izini, ko kuma shi kake so ya yi maka wani abu. Idan ka raba waɗannan biyu, ka yi rabin aikin.

Idan kai ne za ka yi, wakilin sunan da zai biyo baya shi ne *I*, ko *we* idan kuna da yawa. A nan duk kalmomin huɗu suna shiga. Mai son fita da wuri yana iya cewa “Can I leave early today?” ko “Could I leave early today?” ko “May I leave early today?” ko “Might I leave early today?” Duka ma'anarsu ɗaya ce, wato “ko zan iya tashi da wuri yau?” Nauyin ladabinsu ne ya bambanta.

Idan kuwa shi ne zai yi, wakilin sunan *you* ne, kuma biyu kaɗai daga cikin huɗun ke aiki yau da kullum: *can* da *could*. Za ka ce “Can you check this letter?” ko “Could you check this letter?”, wato “ko za a duba mini wasiƙar nan?”

A nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. An koya musu cewa *may* ita ce kalmar ladabi, sai su ɗauke ta su liƙa wa *you*, su rubuta wa shugabansu “May you please sign this letter?” Wannan ba roƙo ba ne a daidaitaccen Turanci. Dalili kuwa, *may* a cikin tambaya neman izini take nufi, kuma ba ka neman wa shugabanka izini daga wurin kansa. Idan jimla ta fara da “May you”, addu'a ce ko fatan alheri. “May you live long” daidai take da “Allah ya ja kwana”. “May you succeed” kuma “Allah ya ba da nasara”. Wanda ya ce “May you sign this letter” kamar ya ce ne “Allah ya sa ka sa hannu a wasiƙar nan”. Za a gane abin da yake nufi, amma za a san harshen ya kufce masa.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: *may* ta neman izini ce, abokan tafiyarta *I* da *we*. In kana son a yi maka abu, ka koma ga *could you*. Idan kuma lallai *may* ɗin kake so, to juya jimlar ta dawo kanka: “May I ask you to sign this letter?” Yanzu izinin yin roƙo kake nema, kuma jimlar ta tsaya daidai.

Tambaya ta biyu: yaya nauyin buƙatar?

Bari mu fara da *can* da *could*, tunda su ne aka fi amfani da su. Asalin *can* a tsohon Turanci “sani” take nufi, daga baya ta koma “iyawa”. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin idan muka ce “ya iya ɗinki” muna nufin ya san sana'ar, idan kuma muka ce “za ka iya tafiya” izini muka bayar. Haka *can* take ɗauke da ma'anonin biyu.

*Can* kalma ce ta kusanci. Ta dace da ƙaramar buƙata wurin wanda kuka saba. Ma'aikacin da ya shekara biyar tare da shugaban sashensa, suna raha suna cin abinci tare, ba laifi ya ce “Can I use your stapler?” idan yana son aron abin haɗa takardu. Ɗalibi a tsakiyar darasi yana iya ɗaga hannu ya ce “Can you repeat that, please?” A Birtaniya da Amurka ba wanda zai ɗauki wannan rashin kunya. To amma idan buƙatar ta yi nauyi, ko ba ku saba ba, *can* tana fitowa da ɗan gaggawa, kamar ka riga ka ɗauka za a amince.

A nan ne *could* take shigowa. A makaranta an koya mana cewa *could* ita ce *can* ta lokacin da ya shuɗe, kuma haka ne a jimla irin “I could not come yesterday”, wato “ban samu zuwa ba jiya”. Amma a cikin roƙo ba ruwanta da jiya. Wanda ya ce “Could I see you tomorrow?” gobe yake magana. Me ya kawo siffar shuɗaɗɗen lokaci a zancen gobe? Turanci yana amfani da nisan lokaci don ya nuna nisan girmamawa. Mai magana yana ja da baya taku ɗaya, yana mayar da buƙatarsa abin da zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Mu ma muna yin haka. Dubi bambancin “ina son ganinka” da “da ma so nake in gan ka, in da hali”. Wannan “da ma” da wannan “in da hali” su ne aikin da *could* take yi da kalma ɗaya.

Shi ya sa nake ba duk mai shakka shawarar ya riƙe *could*. Tana shiga da *I*, tana shiga da *you*. Ta dace da baki, ta dace da rubutu. Ba ta yi sauƙin da za a ce ka raina mutum ba, ba ta kuma yi nauyin da za a ce kana fadanci ba. Da wuya ka faɗe ta ga shugaba ko malami a ce ka yi kuskure.

Idan buƙatar ta ƙara nauyi, ana yi wa *could* ƙari. “Could you possibly look at it today?” ta fi taushi saboda *possibly*, wato “in zai yiwu”. “Do you think you could look at it today?” ta ƙara sassauci, domin ra'ayinsa kake tambaya. Mafi taushi ita ce “I was wondering if you could look at it today.” Lura da cewa wannan ta ƙarshe ba tambaya ba ce a gininta, don haka aya ake sa mata, kuma *you* ke zuwa kafin *could*. Galibi a Turanci, gwargwadon tsawon hanyar da jimla ta bi kafin ta iso ga buƙata, gwargwadon ladabinta.

May da might: rigunan fita

Asalin *may* “ƙarfi” ne ko “iko”. Ragowar wannan ma'anar tana nan a cikin *might* idan aka yi amfani da ita a matsayin suna, da kuma *Almighty*, wato Mai Iko Duka. Saboda haka idan ka ce “May I?” kana amsa cewa ikon yana hannun wanda kake tambaya. Shi ya sa ta dace da wuraren da muƙami yake a fili: ɗakin jarrabawa, gaban kwamitin ɗaukar aiki, taron da ke da shugaba, ko ofishin wanda ba ka taɓa haɗuwa da shi ba. “May I come in, sir?” da aka koya mana tun muna yara daidai take. Haka ma “May I ask a question?” da “May I be excused?”, wadda ake faɗa idan ana neman izinin fita daga aji ko taro.

Akwai tsohuwar muhawara a kan *can* da *may*. Wasu malamai, idan yaro ya ce “Can I go out?” sai su amsa masa cewa ai ƙafafunsa lafiya lau suke, yana iya tafiya, izini ne bai samu ba. Manufarsu ita ce *can* ta iyawa ce kaɗai, *may* ce ta izini. Gaskiyar magana, Turawa sun daɗe suna neman izini da *can*, kuma manyan ƙamusoshi sun amince da hakan. Bambancin da ke tsakaninsu a yau na zama ne: *may* ta zaman hukuma ce, *can* ta yau da kullum. Duk da haka, idan ka san malaminka ko shugabanka yana cikin masu riƙe da tsohuwar ƙa'ida, ba ka yi asarar komai ba idan ka ba shi *may* ɗinsa.

*Might* kuwa, yadda *could* take ga *can* haka take ga *may*: ja da baya taku ɗaya. “Might I make a suggestion?” tana nufin “ko a yi mini izini in ɗan kawo shawara?” Ita ce mafi nauyi a cikin huɗun, an fi jin ta a bakin mutanen Birtaniya, kuma ko a can ba kullum ba. Inda ta fi amfani shi ne lokacin da za ka saɓa wa na gaba ko ka gyara masa kuskure. Ƙaramin ma'aikaci da ya hango matsala a shirin shugabansa yana iya cewa “Might I suggest another date?” don ya kawo wata rana ba tare da ya nuna shugaban ya yi kuskure ba.

Haɗarinta shi ne wuce gona da iri. Babbar riga ta yi kyau a wurin ɗaurin aure, amma ba a shiga gona da ita. Idan ka ce “Might I borrow your pen?” don aron biro kawai, mai sauraro zai iya ɗauka wasa kake yi, ko ma ba'a. Ladabin da ya fi ƙarfin buƙata yana sa a yi zargin akwai wata manufa a ƙasa.

Buƙata ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki misalin wata ma'aikaciya a sashen kuɗi na wani kamfani. Za a yi bikin ƙanwarta, tana buƙatar hutun kwana biyu, Alhamis da Juma'a. Matsalar ita ce ƙarshen wata ne, lokacin haɗa albashi. Shugabarta mace ce mai tsare gida, kuma wata uku ke nan da fara aikinsu tare.

Da farko ta auna abubuwan nan uku. Muƙami: shugabarta ce kai tsaye. Sabo: kaɗan ne. Nauyi: babba, domin rashinta zai shafi aikin wasu. Wannan ya fitar da *can* daga lissafi. *Might* kuma ta yi yawa, tunda hutu haƙƙin ma'aikaci ne, ba wata alfarma ce ta musamman ba. Saura *could* da *may*.

Daftarinta na farko ya ce: “I want to take two days off.” Wannan sanarwa ce, ba roƙo ba. Na biyu ya ce: “May you allow me to take two days off?” Ga tuntuɓen *may you* ya dawo. Na uku ya ce: “Can you be able to give me two days off?” Wannan kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai a Najeriya. *Can* da *be able to* ma'anarsu ɗaya, haɗa su kamar a ce “za ka iya iyawa” ne. Ɗaya ake ɗauka.

Ga abin da ta aika a ƙarshe:

“Good morning, Ma. Could I take Thursday and Friday off next week? My sister is getting married. I can finish the salary sheet by Wednesday. If you approve, could you please sign the attached form? Thank you.”

Mu bi saƙon a hankali. Bayan gajeriyar gaisuwa, buƙatar ta zo nan take da *could I*, domin ita ce za ta ɗauki hutun, kuma ta faɗi ranakun a fili. Dalili ya biyo baya a jimla ɗaya. Sai *I can finish*: a nan *can* ba roƙo ba ce, alkawari ne cewa za ta kammala takardar albashi zuwa Laraba. Da ta ce *I might finish*, da ta ɓata saƙon, domin a jimlar da ba tambaya ba *might* “wataƙila” take nufi, kuma ba shugabar da za ta saki ma'aikaciya a ƙarshen wata a kan wataƙila. Daga nan sai buƙata ta biyu da *could you please*, domin yanzu shugabar ce za ta yi aikin.

Abin lura shi ne taushin yana wurin roƙo, tabbaci kuma yana wurin alkawari. Mutane da yawa suna juya abin: su yi roƙo da ƙarfi, su yi alkawari da shakka.

Da a ce wani ɗalibi ne yake neman malamin da ke duba kundin bincikensa ya ƙara masa mako guda, tsarin bai canza ba. Zai ce “I was wondering if I could have one more week to finish chapter three”, ya faɗi dalili a taƙaice, ya kuma ambaci ranar da zai miƙa babin. In ya je ofishin da ƙafarsa, *may* ce za ta buɗe masa ƙofa da “May I come in?”, sannan *could* ta ɗauki sauran zancen.

Ƙananan abubuwan da ke ɓata roƙo

Ta fuskar nahawu, kalmomin nan huɗu dokarsu ɗaya ce. Aikatau ɗin da ke biye da su yana zuwa tsurarsa, ba *to* a gabansa, ba ƙari a ƙarshensa. “Could you to help me” kuskure ne, haka ma “Could you helped me”. Daidai shi ne “Could you help me?” Ba a kuma haɗa biyu daga cikinsu a jere, ba a sa musu *do* wajen yin tambaya.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, wato korewa. A Hausa “ba za a taimaka mini ba?” tana iya zama magiya, musamman idan an sassauta murya. A Turanci “Can't you help me?” ƙorafi ne, kamar ana cewa “wai me ya hana ka?” Ko “Couldn't you sign it today?” tana ɗauke da ƙanshin matsa lamba. In na gaba kake roƙo, bar jimlarka ba korewa.

Na uku shi ne *please*. Mutane suna ɗauka ita ce “don Allah”, don haka tana wanke kowace jimla. Ba haka ba ne. “Please sign this now” umarni ne da aka shafa wa mai. *Please* tana ƙara wa tambaya kyau, amma ba ta maye gurbinta. Wurin zamanta shi ne bayan wakilin suna ko ƙarshen jimla: “Could you please check this?” ko “Could you check this, please?” Sau ɗaya ya isa. Kuma idan aka danna ta da ƙarfi a murya, sai ta koma alamar gajiya da haƙuri.

Sauraron amsa

Iya roƙo bai cika ba sai an iya jin amsa. Idan ka ce “Could I leave early?” amsar amincewa ita ce “Yes, you can” ko “Of course” ko “Sure”. Ba a cewa “Yes, you could”, domin ja da bayan nan na mai roƙo ne, mai bayarwa ba ya buƙatarsa. Idan ka ji an ce maka “Well, you could”, musamman da jan murya, to akwai “amma” a tafe. Haka nan “May I?” ana amsa ta da “Yes, you may” ko “Please do”. “You may not” hani ne mai ƙarfi. Yawancin shugabanni sun fi son su ce “I'm afraid not”, wadda ba tsoro take nufi ba, “sai dai a yi haƙuri” ce.

Sai kuma lokacin da kalmomin suka fito daga sama zuwa ƙasa. Idan shugabanka ya ce “Could you send me the report by noon?” ba ra'ayinka yake nema ba. Umarni ne cikin mutunci, rahoton nan kuma ya isa kafin sha biyun rana. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce “You might want to check these figures again.” In aka bi kalma da kalma, cewa aka yi wataƙila za ka so ka sake duba alkaluman. Ainihin saƙon kuwa shi ne akwai kuskure, je ka gyara. Malamin da ya rubuta maka “You might consider rewriting this section” a gefen kundinka yana nufin ka sake rubuta sashen. Ɗalibai da yawa sun ɗauki irin wannan a matsayin zaɓi, suka mayar da aikin yadda yake, suka yi mamakin fushin malam. Bahaushe ya san hannunka mai sanda. Idan dattijo ya ce “da an sake dubawa da ya fi”, ba wanda zai ce ai shawara ce kawai. Da wannan kunnen ya kamata a saurari *might* idan ta fito daga bakin na gaba.

Akwai kuma inda duk wannan zagaye ba shi da wuri. Idan wuta ta kama a ɗakin ajiyar kaya, ko mara lafiya ya faɗi, ba a tsayawa neman *could* da *might*. “Sir, come quickly!” ita ce daidai, kuma ba shugaban da zai ga laifinka.

Mu koma wurin ɗalibin nan da muka bari a bakin ƙofa. Bai rasa tarbiyya ba, bai kuma rasa Turanci ba. Da ya tambayi kansa wa zai yi aikin, zai ga malam ne, don haka *you*. Da ya auna nauyin buƙatar da matsayin malamin, zai ga *could* ce ta dace. Abin da ya kamata ya fito daga bakinsa shi ne, “Excuse me, sir, could you please sign my form?” Kalmomi tara ne kacal, kuma da su ne rusunawar da ya yi a bakin ƙofa za ta isa kunnen malamin kamar yadda ta isa idonsa.